Saƙon da Na Riƙe Har Bayan Azahar

Ni ba mace ce mai taushin baki ba. Duk wanda ya zauna da ni a Rano ya san haka, kuma ban taɓa neman a rufa min asiri a kai ba. Idan miyarki ta yi gishiri zan gaya miki tun cokalin yana bakina. Shi ya sa har yau dariya take kama ni idan na tuna cewa aikin da na fi daɗewa ina yi a duniya shi ne wanke maganar wani kafin ta isa kunnen wani.

Sai da na haifi 'ya'ya huɗu sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci. Wasiƙa ce ta kai ni. Yayana da yake zaune a kudu ya ji wani tsegumi a kaina, ya zauna cikin fushi ya cika takarda gaba da baya. Ban iya karatu ba, sai na kai wa maƙwabcinmu a zaure, shi kuma ya gyara murya ya karanta tiryan-tiryan a gaban mutum biyar da suke jiran la'asar. Bayan sati biyu yayana ya manta ya rubuta ta. Unguwarmu kuwa ta yi shekaru tana tuna min. Tun ranar na gane cewa wasiƙa a ƙasarmu ba ta mutum ɗaya ba ce, na kuma rantse ba wanda zai sake karanta min tawa.

Daga ajin nan na yi jarrabawa, na koyi kwamfuta a wani shago kusa da tasha, inda yara sa'annin ɗana suke min dariya ina neman harafi da yatsa ɗaya. Na shiga wani ofishi na taimakon manoma a matsayin mai shara da kai takarda. Da mai buga takardunsu ta koma Kano, aka ce in riƙe kujerar kafin a samo wata. Har na bar aikin ba a samo wata ba.

Manajanmu ɗan birni ne, na girme shi da kusan shekara goma sha biyar. Mutumin kirki ne, kada wani ya ji labarin nan ya ɗauka ba haka ba. Shi ne ya kai mijina asibiti a motarsa, ya zauna a benci har aka ba shi gado. Amma idan shugabanninmu na Kano suka matsa masa, to duk wanda yake ƙasa da shi sai ya ji a jikinsa. Tsarinmu shi ne ya rubuta imel a kwamfutarsa ya bar shi cikin waɗanda ba a tura ba, ni kuma in buɗe akwatin ofis daga teburina, in gyara rubutu, in liƙa takardun da za a liƙa, in tura. Na malaman gona da suke ƙauyuka da Hausa muke turawa, don haka idan ya rubuta da Turanci ni nake juyawa. Da fushi ya kama shi kuwa, Turanci yake zuwa masa.

Ran wata Litinin a farkon damina ya fito daga ofishinsa waya a kunne, yana ta "to ranka ya daɗe, to ranka ya daɗe". Ya kashe, ya koma ciki, na ji yana dukan madannan kwamfuta kamar mai sussuka. Can ya leƙo.

"Hajiya, akwai saƙo na Malam na Tarai. Ki tura shi yanzu. Yadda yake."

Ya ɗauki makullin mota ya fita, wai zai duba gonar gwaji a Zinyau.

Malam shi ne malamin gonarmu na ɓangaren Kibiya, a Tarai yake zaune. Dattijo ne mai furfura, ya yi aikin gona na gwamnati har ya yi ritaya kafin mu ɗauke shi. Manoma ba sa shuka sabon iri sai sun ga ya murza shi a tafin hannu ya gyaɗa kai. Laifinsa na gaske ne, ba zan ɓoye ba. An raba irin gyaɗa na gwaji, aka ce kowane malamin gona ya ƙirga tsiron da ya fito a gonakin gwaji, ya cika sabon fom na kwamfuta da sunayen manoma, ya turo. Kowa ya turo sai shi. Sau biyu ina buga masa waya, yana cewa, "In sha Allahu, Hajiya, yana nan tafe." Sati uku ke nan. Kano kuma za su rufe karɓa ranar Alhamis.

Na buɗe saƙon. Rabinsa da manyan baƙaƙe aka rubuta, wato ihu. Ya ce Malam malalaci ne. Ya ce ya gaji da ɗaukar nauyin tsofaffin da suka zo cin albashi suna gyangyaɗi a gindin bishiya. Ya ce idan aikin ya fi ƙarfinsa ya koma gida ya yi jiran jikoki, akwai matasa masu digiri suna yawo. Na duba sama, a layin waɗanda ake ba kwafi, na ga ya sa shugabanmu na Kano da mai kula da ma'aikata. Ma'ana saƙon zai shiga fayil ɗin Malam, kuma watan da za a sabunta kwantiragi bai yi nisa ba.

Amma ba Kano ce ta fi tsaya min a rai ba. Akwai abin da na sani wanda Manaja bai sani ba, don shi idan ya je Tarai gona yake zuwa ya dawo. Malam ba ya buɗe saƙon ofis shi kaɗai. Tun wata shekara da aka yi gunaguni cewa malaman gona suna ɓoye abin da ofis ya aiko, ya ɗaukar wa kansa al'ada: duk saƙon da ya shigo wayarsa daga gare mu, sai bayan la'asar, a ƙofar gidansa, ya miƙa wa sakataren ƙungiyar manoma ya karanta da ƙarfi kowa ya ji. Shi bai riga ya gani ba, su ba su riga sun gani ba. Da wannan ya sayi amanarsu. Na taɓa zama a wurin na gani da idona. A cikin masu zama a tabarmar akwai surukinsa, akwai mutanen da yake ja salla.

Na ga zauren nan na unguwarmu, na ga maƙwabcinmu yana gyara murya. Na san Malam. Ba zai yi musu ba, ba zai kira kowa ba. Zai saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya kyauta, washegari ya aiko da makullin babur ɗin ofis.

To, me zan yi? In tura yadda yake, na kashe wa dattijo aiki da hannuna. In gyara in tura a ɓoye, na sa wa Manaja magana a baki da sunansa a ƙasa, kuma ranar da ya gano, ba zai sake yarda da ko waƙafi daga teburina ba. Wannan kam ban taɓa yi ba. Abin da ya rage shi ne in ƙi turawa, in rubuta wani a gefe, in jira shi. An ce min yanzu, na mai da shi bayan azahar. Na san zan sha faɗa. Faɗa kuwa ba baƙona ba ne.

Na kwafe nasa na ajiye ban taɓa ko harafi ba. Na buɗe sabon shafi. Na farko da na rubuta, Allah ya gani, abin kunya ne. Tausayin Malam ya rinjaye ni, na yi gaisuwa layi huɗu, na tambayi iyali da ruwan sama, na yaba masa shekarun da ya yi yana hidima, sannan can ƙasa na ce idan ya sami sarari a taimaka da fom.

Manaja ya dawo bayan azahar, takalmansa duk laka. Ya ci shinkafa da wake a tsaye, ya zo ya tsaya a kaina.

"Ya ba da amsa?"

"Bai ba da ba, Yallaɓai, don ban tura ba."

Ya ajiye robar ruwan da take hannunsa a hankali. "Hajiya, da wane yare na ce ki tura?"

"Da Hausa. Ni ma da ita nake gaya maka ban tura ba. Jawo kujera."

"Wai ni da ke wa yake ba wani umarni a ofishin nan?"

"Kai ne. Shi ya sa na jira ka ban yi gaban kaina ba. Idan ka karanta wannan ka ce naka kake so, ga linzamin kwamfuta, ka danna da hannunka. Ni dai yatsana ba zai kira sa'an babanka malalaci ba."

Ya zauna yana huci. Ya karanta nawa. Bai kai ƙarshe ba ya fashe da dariyar takaici.

"Wannan ai katin ɗaurin aure ne! Idan ya sami sarari? Kano suna cin namana ɗanye, ke kina tambayarsa ruwan sama?"

Na sake karantawa, na ga gaskiyarsa. Ba na jin daɗin a fi ni gaskiya, amma idan an fi ni ina faɗa. Da Malam ya ji wannan, zai ce madalla da Manaja mai zumunci, ya ci gaba da in sha Allahu har Alhamis ta wuce, sannan a kore shi da hujja. Da na kashe shi da zuma maimakon wuƙa.

"Ka yi gaskiya," na ce. "Nawa ba shi da ƙashi. To, buɗe naka ka nuna min inda ka gaya masa ranar da kake son fom ɗin."

Ya ja saƙonsa sama, ya ja ƙasa. Ya sake ja sama.

"Ai ya sani."

"Nuna min inda ka ce fom kake nema ma."

Babu. Layi goma sha wani abu na zagi, ba ranar, ba sunan takardar, ba abin da zai biyo baya. Mutum zai karanta ya san an tsane shi, amma ba zai san me zai yi gobe da safe ba. Manaja ya sosa ƙeya. A nan ne na gaya masa maganar ƙofar gida da sakataren ƙungiya da suruki a kan tabarma. Ya dube ni.

"Da ƙarfi ake karantawa?"

"Har da sunanka a ƙarshe. Sakataren ma yana da murya, shi yake sanarwa a masallaci."

"Inna lillahi." Ya rufe fuska da hannu. Amma da ya buɗe sai ya ce, "Duk da haka, Hajiya, sai ya ji zafi. Ya ja min wulaƙanci."

"Zai ji. Gaya min abin da ya yi, ban da abin da kake ganin shi ne."

Haka muka zauna muna ciniki kamar masu sayen akuya a kasuwar Rano. Ya ce a rubuta Malam ba ya ɗaukar aiki da muhimmanci. Na ce wannan zuciyarsa ka shiga, ba ka da makullinta, abin da muka gani shi ne sati uku da kira biyu. Ya yarda. Ya ce kada a cire maganar matasa masu digiri. Na ce ka taɓa ganin mai digirin da manoman Tarai za su shuka iri don ya ce? Ya ce a bar ta a ciki dai. Na ce to ni ma a rubuta cewa a ajin dare na yi karatu, a kore mu tare. Ya ce, "Ke wa ya isa ya kore ki, ai sai dai ki kore mu." Aka cire.

Kan maganar Kano muka fi daɗewa. Yana so su ga ba ya wasa. Na ce ka rubuta musu nasu daban, layi biyu, cewa rahoton Tarai zai iso kafin Alhamis. Idan ka sa su a wannan, ka kai ƙara kafin ka ji ta bakin mutum, kuma abin da ya shiga fayil ba ya fita don ka huce. Ya cire su da kansa.

Ni kuma na sa abin da shi bai sa ba, wanda ya fi duk zaginsa nauyi. Na sa rana da lokaci, na sa takardar tuhuma. Ya dube ni ya ce, "Ashe kin fi ni mugunta." Na ce ni ba na zagi, ina faɗa ne kawai.

Ga abin da ya fita, ina da shi kusan a ka. A layin kan magana muka sa: Rahoton tsiron gyaɗa na Tarai, ana buƙata ranar Laraba. A ciki kuma:

"Assalamu alaikum, Malam. Da fatan kana lafiya da iyali. Har yanzu ba mu sami fom ɗin ƙidayar tsiro da sunayen manoman gonakin gwaji na Tarai ba. Sati uku ke nan da wa'adinsa ya wuce, kuma an tuna maka sau biyu ta waya. Wannan jinkiri ya tsayar da rahoton ofis gaba ɗaya, kuma Kano za su rufe karɓa ranar Alhamis. Ina buƙatar fom ɗin ya iso ofis ranar Laraba kafin ƙarfe goma sha biyu na rana. Idan bai iso ba, dole in ba ka takardar tuhuma, abin da ba na so ya kai mu. Idan akwai abin da ya hana cika shi, ka kira ni ko ka zo ofis kafin ranar, mu warware tare. Na gode."

Layin nan na kusa da ƙarshe, na idan akwai abin da ya hana, sai da na yi rigima a kansa. Manaja ya ce ƙofa ce ta uzuri. Na ce mutumin da ya shekara bai taɓa makara da rahoton takarda ba, ya zo ya yi sati uku, ba ka son sanin dalili? Ya karanta duka sau biyu, ya canza "muna buƙata" da na rubuta zuwa "ina buƙata", ya ce shi ne mai buƙatar. Ya danna da hannunsa.

Talata ba mu ji komai ba. Manaja ya wuce teburina sau uku yana kallona ta gefen ido. Na yi kamar ina gyara firinta. Amma ina ta leƙen ƙofa, don idan Malam bai zo ba, ni na rubuta takardar tuhumar nan a cikin saƙon, kuma ni zan buga ta.

Laraba da hantsi na ji babur. Malam ya shigo da babbar riga, ƙafar wandonsa ta jiƙe da raɓa, ya rungumo littattafai uku na 'yan makaranta a cikin leda. Ya gaida Manaja, Manaja ya miƙe tsaye ya ba shi kujera, abin da na lura da shi na kuma adana. Malam ya buɗe littattafan. Komai yana ciki. Kowace gona, sunan mai ita, layi nawa aka shuka, tsiro nawa ya fito, har da inda tsuntsu ya tone. Rubutu kamar an buga da inji. Tun sati biyu da suka wuce ya gama.

"To Malam, me ya hana ka turowa?" in ji Manaja.

Ya daɗe yana gyara hularsa. "Ranka ya daɗe, fom ɗin nan na waya. Idan na cika gida ɗaya na taɓa na gaba, sai na farkon ya gudu. Na yi ta yi. Ranar da aka koyar ina ta gyaɗa kai, don yara ne a ɗakin duk sun gane." Ya dubi ƙasa. "Da aka karanta saƙonka a ƙofar gida, aka zo wurin idan akwai abin da ya hana, sai surukina ya ce, to Malam, akwai? A gaban mutane ba na iya cewa babu."

Na san wannan gyaɗa kan. Na yi shi a shagon kwamfuta wata uku.

Na ce, "Malam, matso nan. Ni da yatsa ɗaya na fara, kuma ina da jika a lokacin." Na karɓi wayarsa, na nuna masa inda ake taɓawa a adana kafin a wuce gaba. Abin ke nan kawai. Na ƙi cika masa. Ya yi gona biyar da hannunsa, yana yi yana salati, sannan muka raba aikin, yana karanto min daga littafi ina bugawa a kwamfuta don lokaci. Sha biyu ta wuce mana da kusan awa ɗaya. Manaja ya leƙo ya dubi agogon bango, ya dube mu, ya ce agogon nan dama yana gudu, ya aika a sayo mana fura.

Da Malam zai tafi, na raka shi bakin babur. Ya ɗaure littattafansa a baya, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Hajiya, saƙon nan. Takardar tuhumar tasa ce. Amma gaisuwar iyalin, hannunki ne."

Na ce, "Ba haka ba ne, Malam. Tuhumar ma tawa ce."

Ya yi dariya har sai da ya dafa babur. "To me shi ya rubuta?"

"Abin da ya sa wa hannu shi ka ji."

Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake wa iri mai kyau, ya tayar da babur.

An sabunta masa kwantiragi a shekarar, da ta bayanta. Saƙonsa na asali kuwa, da yammar Larabar nan Manaja ya zo ya ce in buɗe masa shi. Ya karanta a tsaye, yana motsa baki, kamar yana jin muryar sakataren ƙungiya. Ya ce, "Ni na rubuta wannan?" Na ce da yatsunka goma. Ya goge shi da kansa.

Bai daina fushi ba, kada in yi masa ƙarya. Ni ma ban daina baki ba. Sai dai daga ranar, idan na ji yana sussukar madannai, na san zai leƙo ya ce, "Hajiya, akwai saƙo. Kada ki tura sai na ci abinci."